Yadda ake gane ko kamfani zai iya ci gaba da biyan rabon riba

Mai sayen hannun jari a kasuwar NGX da ke Legas yakan ci karo da alƙaluma biyu game da rabon riba. Na farko shi ne wanda manhajojin dillalai ke nunawa da sunan Dividend Yield, wanda za mu kira ma'aunin farashi, na biyu kuma Payout Ratio, wato ma'aunin riba. Na farkon ne ya fi jan ido, amma a ganina na biyun ne ke faɗin ko kuɗin da aka biya bana za a iya biyan irinsa baɗi.

Matakin farko shi ne ka buɗe rahoton shekara na kamfanin, ka nemo rabon da aka bayar kan kowane hannun jari, da kuma ribar da kowane hannun jari ya samu bayan haraji, wadda ake rubutawa EPS. Idan an biya rabon wucin gadi a tsakiyar shekara, ka haɗa shi da na ƙarshe. Daga nan sai lissafi:

```
ma'aunin farashi = rabo ÷ farashin hannun jari × 100
ma'aunin riba    = rabo ÷ EPS × 100
```

Mu ɗauki kamfanin simintin Dangote. A shekarar 2023 kowane hannun jarinsa ya samu ribar naira 26.47, amma aka raba naira 30. A ce ka sayi hannun jarin a kan naira 600, ma'aunin farashi ya zama kashi 5 cikin ɗari. Idan kuwa farashin ya faɗi zuwa naira 400, sai ya koma kashi 7.5, alhali ko kwabo ba a ƙara wa rabon ba. Saboda haka a mataki na biyu, duk lokacin da ka ga wannan ma'auni ya yi sama, ka bincika ko rabon ne ya ƙaru ko farashin ne ya zube, domin sau da yawa masu jari kan yi ta sayar da hannayensu ne idan suna hasashen za a rage rabon. Ka kuma tuna ana cire harajin kashi 10 kafin kuɗin su shigo asusunka, wato naira 27 za ka gani.

Mataki na uku shi ne ma'aunin riba, wanda farashin kasuwa bai shafe shi ba ko kaɗan. Naira 30 a kan 26.47 ta ba da kusan kashi 113, ma'ana an raba fiye da abin da aka samu a shekarar, kamar manomin da ya ƙarar da amfanin bana ya shiga rumbun bara. A 2024 ribar ta kai naira 29.74, aka sake raba naira 30, ma'aunin ya sauko zuwa kusan 101. Wannan ba ya nufin kamfanin yana cikin matsala, tunda kamfani mai manyan masana'antu yana cire tsufan injina daga ribarsa a rubuce ba tare da tsabar kuɗi ta fita ba. Abin da yake nunawa shi ne a lokacin babu sauran sarari, kuma ƙarin rabo ya dogara ne ga ƙaruwar riba. Kamfanin da ya raba kashi 40 kawai, ko ribarsa ta ragu da rabi zai iya riƙe rabonsa yadda yake.

A mataki na huɗu ka duba bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. Ka ɗauki kuɗin da ainihin sana'ar kamfanin ta kawo, ka cire abin da aka kashe kan injina da gine-gine da kuɗin ruwan bashi, sannan ka kwatanta ragowar da jimillar rabon. Idan shekara biyu ko uku a jere ragowar ba ta kai rabon ba, bashi kuma yana ƙaruwa, to da rance ake biyan masu jari.

Ƙaramin ma'aunin riba ma yana iya yaudara, don haka mataki na ƙarshe shi ne sanin inda ribar ta fito. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, bankuna da dama sun rubuta riba mai yawa saboda darajar dalolin da ke hannunsu ta ƙaru, sai Babban Bankin Najeriya ya hana su biyan rabo daga wannan riba a watan Satumba. Duk wanda ya yi lissafi da EPS ɗin da ta kumbura zai zaci akwai sarari fiye da yadda yake. Wannan faɗuwar nairar ce kuma ta jefa Nestlé Nigeria cikin asara saboda bashin dala, har ya kasa biyan rabon 2023, duk da ya shafe shekaru yana biya. Don haka ka cire irin wannan riba ta sau ɗaya kafin ka yi lissafi, ka jera ma'aunin na shekaru biyar gefe da gefe, sannan ka karanta bayanan ƙarshen rahoto ka ga nawa ne daga bashin kamfanin za a biya da kuɗin waje.