Yadda ake rubuta kan labari mai alkawari takamaimai ba tare da yaudarar mai karatu ba

Sabon marubuci yakan ɓata kan labarinsa ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ko dai ya rubuta kai lami, irin "Batun lokacin karatu a makarantu", wanda bai gaya wa kowa komai ba, ko kuma idan edita ya ce ya ƙara armashi, sai ya wuce gona da iri ya yi alkawarin abin da babu shi a cikin labarin. Na biyun ya fi muni, domin alkawari kaya ne, kuma wanda ya latsa ya shiga bai tarar da abin da aka ce masa ba, da wuya ya sake yarda da kai.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce hukumar ilimi ta wani yanki ta kafa kwamiti, kwamitin ya ba da shawarar a ƙara awa ɗaya a lokacin karatun makarantun firamare, kwana uku a mako, hukumar kuma sai wata mai zuwa za ta zauna ta duba shawarar.

Matakin farko shi ne kada ka sanya wa labarin kai sai ka gama rubuta shi. Wasu suna fara da kai su gina labari a ƙarƙashinsa, amma ni ban yarda da wannan ba, saboda marubucin yakan koma yana lanƙwasa gaskiya don ta dace da abin da ya riga ya rubuta. Idan ka gama, ka taƙaita labarin a jimla ɗaya cikakkiya wadda ta faɗi wanda ya yi, abin da ya yi, wanda abin ya shafa, da matsayin da maganar take a yanzu. A misalinmu jimlar ita ce: kwamitin hukumar ilimi ya ba da shawarar ƙara awa ɗaya a firamare kwana uku a mako, kuma ba a amince ba tukuna. Duk kan da za ka rubuta daga wannan jimla zai fito, ba ya ɗaukar abin da ba ta ɗauka ba.

Daga nan sai ka zaɓi abin da ya fi zama takamaimai, wanda yawanci adadi ne ko rukunin mutanen da abin ya shafa. A nan "awa ɗaya" da "firamare" su ne ke jan uba ko uwa su karanta, ba sai an yi musu ihu da "Da ɗumi-ɗumi" ko "Tirƙashi" ba.

Mataki na uku shi ne inda na fi ganin masu koyo suna faɗuwa, wato zaɓen kalmar aiki. Marubucin yana son gajarta kai, sai ya rubuta "Za a ƙara lokacin karatu a makarantu". A ido kan yana da tsabta, babu wata kalmar ruruta wuta a cikinsa, amma ya yi ƙarya har sau uku. "Za a ƙara" ya mayar da shawara hukunci, alhali hukumar tana iya watsi da ita. "Makarantu" ya haɗa da sakandare, waɗanda ba su cikin maganar. Sannan cire "kwana uku a mako" ya sa mai karatu zai ɗauka kullum ne. Irin wannan yaudara ta fi hatsari, domin shi kansa marubucin bai san ya yi ta ba.

Maganin wannan shi ne ka tuna cewa kowace magana ta hukuma tana da matakai: akwai shawara, akwai amincewa, akwai ba da umarni, akwai fara aiwatarwa. Kalmar aikin da ke kan labarin dole ta tsaya a matakin da labarin ya kai, kada ta hau ko da mataki ɗaya. Haka yake a labarin laifi, inda zargi daban, kamawa daban, gurfanarwa daban, yanke hukunci daban, kuma cire "ana zargin" don a rage tsawo yana iya kai mai wallafawa gaban kotu. Haka kuma a labarin bincike, idan masana sun ce sun ga alaƙa tsakanin abu biyu, kan da ya ce ɗaya "yana jawo" ɗayan ya faɗi abin da ba su faɗa ba.

Gwajin da nake sa masu koyo su yi ba ya cin minti biyu. Ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai nauyi a kan labarin, ka nemo jimlar da ta tabbatar da ita a cikin gundarin labarin, kuma ya fi kyau ta kasance a sakin layi na farko ko na biyu. Kalmar da ba ta da madogara sai ta fita. Bayan haka ka tambayi kanka: uwar da kan kawai ta gani, ba ta buɗe labarin ba, me za ta yi gobe? Idan za ta canza lokacin ɗauko ɗanta daga makaranta, to kan ya ɓatar da ita, kuma masu wucewa da kai kaɗai suna da yawa ƙwarai.

Sai batun ɓoye bayani. Kai irin "Abin da ake shirin yi wa 'yan makaranta zai ba ka mamaki" yana aiki ne da abin da masani George Loewenstein ya bayyana a 1994, cewa son sani yana tasowa idan mutum ya ji akwai giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani. Giɓin ba laifi ba ne, laifin yana ga abin da aka zaɓa a ɓoye. Ƙa'idata ita ce a faɗi abin da ya faru a kai, a bar dalili da yadda za a yi a cikin labarin. Wanda ya san ana neman ƙara awa ɗaya zai shiga don ya ji dalilin kwamitin da abin da malamai suka ce. Ga mai tunanin riba ma, ɓoyewar ba ta biya kamar da, domin tun 2016 Facebook ya sanar cewa zai rage yaɗa labaran da kanunsu ke ɓoye muhimmin bayani ko zuzuta abin da ke ciki.

Kai mai alamar tambaya kuwa, irin "Shin za a ƙara lokacin karatu?", ina hana shi sai idan labarin ya amsa tambayar kai tsaye, domin galibi mafaka ce ta wanda yake son ya furta abin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Abin da ya rage shi ne tsawo. Google yakan datse kan labari a sakamakon bincike idan ya zarce haruffa 60 ko kusa da haka, saboda haka kalmar da ke iyakance alkawarin ta zo da wuri, kada a jefa "in ji kwamiti" can ƙarshe inda za a yanke shi. Misalinmu zai zama "Kwamiti ya nemi a ƙara awa ɗaya a firamare kwana uku a mako", haruffa 59 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ka duba hoton da za a haɗa, kada a sa na ɗaliban sakandare. Ranar da hukumar ta zauna, idan ta amince sai a rubuta sabon labari da "ta amince" a kansa, idan kuma ta ƙi, a koma tsohon labarin a ƙara bayanin hakan a samansa.