Yadda ake amsa kukan ma'aikaci kan rabon aiki ba tare da ka ɗaure kanka ba

Sababbin shugabannin ma'aikata a nan Damagaram kashi biyu ne: masu jefa takardar koke cikin durowa, da masu amsawa da tausayi har su rubuta abin da zai kama su. Ni cikin na biyun na faɗa.

A wata mangaza da na taɓa riƙewa a Sabon Gari, akawu ya rubuto cewa shi kaɗai ke tsayawa sauke kaya duk daren da mota ta iso daga Kano, abokin aikinsa kuwa la'asar na yi ya tafi. Na amsa masa: "Gaskiya an danne ka, ka yi haƙuri." Wata biyu bayan haka na tarar da takardar, da sa hannuna, a kan teburin sufeton aiki. Ba a ma tambaye ni me ya faru ba, tunda na riga na ba da shaida.

Saboda haka fara da abin da ba gardama a kai: "Malam, mun karɓi takardarka ta ranar kaza." Ni ba na bari wannan amsar ta wuce kwana 3.

Sai wurin da ake zamewa. Maimaita kukansa, amma ka bar maganar a bakinsa: "Ka bayyana cewa cikin watan jiya ka tsaya sauke kaya dare 6, kuma kana ganin rabon bai yi daidai ba." Wannan "ka bayyana" ɗin ita ce katangarka. Ya ga an saurare shi har da lissafin dararen, kai kuma ba ka ce haka ne ba. Idan ka cire ta, jimlar ta zama taka. Kada ka rubuta zalunci, danniya ko kuskurenmu, ko da shi ya yi amfani da su. Haƙuri kuwa ka ba shi da baki, in kun gaisa. A rubuce, "mun ɗauki maganar da muhimmanci" ta isa. Da Faransanci za a buga ko da Hausa, tarkon ɗaya ne.

Faɗi abin da za ka bincika da ranar da zai ji sakamako: rajistar shiga da fita, takardun saukar kaya, nan da kwana 15. In za ka sauya jerin aiki tun yanzu, rubuta cewa na wucin gadi ne kafin a gama bincike.

Dokar aiki ta 2012 ta sa awa 40 a mako. In rajista ta nuna ya wuce, biya shi ƙarin, iya rubutu ba ya goge wannan, kuma ya fi arha da zirga-zirgar sulhu.

Kada ka ambaci sunan abokin aikin. Kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a naka, a gaban wakilin ma'aikata in kuna da shi.