Yadda za ka gane mai kuɗi da talaka a nobel tun marubuci bai faɗa ba

Ni dai in ina karanta littafi ba na yarda da "Alhaji attajiri ne" haka kawai, sai na bi shi gida na gani. Kai ma gwada, ka ɗauko biro.

Da farko ka shiga gidan. Kar get da fenti su ɗauke maka hankali, ka duba ruwa da banɗaki. In labarin a Jos ne aka ce gidan na Rayfield, unguwar masu kuɗi, to an ba ka rabin amsa. In kuwa ɗaki ciki da falo ne a Gangare ko Unguwar Rogo, ka ƙirga mutum nawa ke kwana ciki, wa ke bin layin banɗaki da asuba, ruwan daga famfo yake ko sai an kira mai kura. Ka rubuta a gefe.

Sai tufafi, kuma nan ne aka fi yaudarar mai karatu, don kaya ana aro. Shadda gezna ranar biki ba ta nuna komai. Ka jira ranar Talata da safe lokacin sanyin Disamba, ka ga me aka saka, rigar sanyi sabuwa ce ko gwanjon kasuwar Katako ce da hannunta ya wuce yatsun yaro, don an sayo ta ne ya shekara uku yana sawa.

Abinci kuma shi ba ya ƙarya. Ba sunan abincin za ka duba ba, tuwo ai kowa na ci. Duba nama nawa ne a miyar, wa aka ba, kuma ana sayen mai a galan ne ko ƙulli-ƙulli a leda.

Yanzu ka jera ukun, inda suka saɓa nan labarin yake. A ce Hajiya ta fito da atamfa sufa za ta biki, gidanta babba ne mai ɗakuna shida, amma biyu an ba 'yan haya, firij ya zama wurin ajiye kwanuka, da safe yaranta ɗumamen tuwo suka ci, shayin ma ba madara. Wannan ba talakar asali ba ce, ba kuma mai kuɗi ba ce, gidan da ya taɓa samu ne arziki ya karye, ana ta rufin asiri. Atamfar ma ka lura, in marubuci ya ce tana ƙamshin akwati kuma layin ninki bai baje ba, ta lefenta ce ta ciro. Shi ya sa a babi na gaba in ta matsa wa 'yarta ta auri wani ɗan kwangila daga Abuja ba za ka yi saurin ce mata mai kwaɗayi ba.

Abu ɗaya kawai, ka duba zamanin labarin. Rufin kwano da keke a ƙauye shekarun 1960 alamar samu ne, in ka auna su da idon yau sai ka mai da mai garin talaka.