Yadda na gyara lokutan kalmomin waka da suka goce

Na kwana biyu ina fama da wata waka ta minti 4, ina son kowace kalma ta haska daidai lokacin da mawakin ya furta ta. Baitukan duk suna hannuna a rubuce, na zuba su tare da sautin cikin Montreal Forced Aligner, manhajar da ke nema wa kowace kalma lokacinta a sauti, fayil din lokutan wato TextGrid ya fito, na bude a manhajar duba sauti ta Praat sai na ga ikon Allah. Baitin farko lafiya lau, amma daga minti daya da rabi komai ya goce, har wata kalma ta mike ta cinye sakan 20 ita kadai.

Da farko na dora wa kidan laifi, na cire muryar daban da Demucs. Ya dan taimaka, gocewar dai tana nan.

Ashe rubutuna ne. Amshi sau 3 aka rera shi, ni kuma sau daya na rubuta tunda a takarda haka ake yi. Shi Montreal Forced Aligner ba ya tsallake komai kuma ba ya karawa, kalmomin da ka ba shi dole sai ya nema musu waje a jere, to da ya iso amshi na biyu sai ya ja kalmar karshe ta rufe wajen, sauran ya cusa kalmomin baitin gaba a ciki.

Na zauna da iyafis na rubuta abin da aka rera sak, har da maimaici. Sannan na yanka sautin baiti-baiti, kowanne da rubutunsa, in ma wani ya goce ba zai ja na gaba ba. Sai dai kar a manta a kara lokacin da kowane yanki ya fara a kan lokutansa, ni na manta, kowane baiti ya dawo min yana farawa daga sifili.