Kurakuran da muke yi in muna son kamara ta ruɗi mai kallo

Jiya a fada nan unguwar Ali Ɗan Sofo wani ƙanena ya nuna mani ɗan fim ɗin da suka ɗauka da salula, wai ɗan kabu-kabu ne ke ba mai babur labarin yadda ɓarayi suka tare shi suka amshe jika hamsin, can ƙarshe sai a gane ashe shi ya cinye kuɗin. Dabara ce mai kyau wallahi, amma da aka zo ƙarshen sai na ji kamar ni aka cuta.

Kuskuren farko, kuma shi aka fi yi, shi ne a bar kamara ta je inda mai labarin bai je ba. A fim ɗin nasu yana cikin ba da labari sai ga kamara bayan wata katanga tana nuna ɓarayin suna shawara tun kafin ya iso, to wa ya ga wannan? Shi dai ba ya wurin. Da zaran ka yi haka kamara ta zama shaida mai zaman kanta, mai kallo zai ɗauka gaskiya ce tsantsa, in ta tashi ƙarya kuma kai darakta ne maƙaryacin ba ɗan kabu-kabu ba. Ko babban darakta Hitchcock ya sha suka kan irin wannan a fim ɗinsa Stage Fright na 1950, inda ya nuna labarin baya na ƙarya kamar da gaske, daga baya shi da kansa ya ce kuskure ne. Gyaran shi ne ka shiga labarin daga fuskar mai magana, muryarsa ta ɗan biyo hoton, kamara kuma ta tsaya a kafaɗarsa, abin da idonsa bai kai ba kar mu gani.

Na biyu, rashin ajiye alama. Dubi fim ɗin The Sixth Sense na 1999, wurin da Bruce Willis ya zauna da matarsa a gidan cin abinci yana ta magana ba ta kula shi, aka kawo takardar kuɗi ta riga shi ɗauka. Duk muka ce fushi take, alhali mutumin matacce ne, ba ta ma ganinsa. Kamara ba ta ƙirƙiro komai ba, ta dai bar mu da zatonmu. Na ce wa ƙanen nawa, tunda a labarin an kada ɗan kabu-kabun cikin ƙasa, bari mu gan shi gaban mai babur rigarsa fes ba ko ƙura, daƙiƙa biyu sun isa, kar a matso da kamara kan rigar.

Wasu kuma garin gyara sai su zarce, su dusashe launi su sa kiɗan tsoro, an tona asiri kenan tun minti na farko. Ku bar hasken yadda yake a sauran fim ɗin, in an gama haɗawa ku nuna wa wanda bai san labarin ba sau biyu, a kallo na biyu ya kamata ya hango rigar da kansa.