Yadda ake zaɓen launi da ɗaurin ɗankwali don hoto ya fito da kyau

Madubi da kyamara ba abu ɗaya suke gani ba. Idon mutum yana iya kallon farin ɗankwali da baƙar fuska a lokaci guda ya ga kowanne sarai. Kyamarar waya kuwa auna hasken da ke gabanta take yi gaba ɗaya. In ta ga farin yadi ya yi yawa, sai ta rage haske, fuskar ta dushe. Shi ya sa mace za ta fita gida tana jin ta haɗu, hoto ya fito ta ce mai hoton bai iya ba.

Ki fara da gwajin launi, tun kafin ranar biki. Ki tsaya kusa da taga da hantsi, fuskarki na kallon hasken, ba kwalliya, ki kashe duk abin da ke ƙara wa fuska haske a wayar. Ki yafa yadudduka uku ko huɗu a kanki ɗaya bayan ɗaya, har su taɓa goshi, kina ɗaukar hoto. Sannan ki jera hotunan, ki kalli fuskar, ki manta da yadin. Launin da ya sa ƙasan idonki ya yi duhu ko fatarki ta yi toka-toka, ki ajiye shi komai son da kike masa. In a Kantin Kwari kike saye, ki roƙi mai shago ki fito da yadin bakin ƙofa, don fitilar shago tana sauya launi.

Baƙar mace, a ganina, ta fi kowa sa'a a nan. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ja, shuɗi mai ƙarfi da kore shar duk suna fito da ita. Abin da ke cutar ta shi ne fari fat da kuma ruwan ƙasa mai duhu, wanda ke sajewa da fata har a kasa gane inda goshi ya ƙare. Wankan tarwaɗa tana haskawa da ja mai duhu, ruwan gwal da shunayya, amma ruwan ƙasa mai kama da fatarta yana kashe hoton. Farar mace ta yi hattara da ruwan madara da ruwan hoda mai haske, suna sa ta zama kamar wadda ta tashi daga jinya. Launi mai duhu ya fi karɓar ta.

Daga nan sai ɗauri. Mai zagayayyiyar fuska da kumatu tana bukatar tsawo: ki tattara ɗaurin sama, ki ɗan karkatar da shi gefe guda, ki bar goshi a buɗe. In kika saukar da shi har gira, kin rage tsawon fuskar, kumatun ne za su cika hoton. Mai doguwar fuska akasin haka za ta yi, ta sauko da bakin ɗankwalin ya rufe rabin goshi, ta baza faɗinsa ta gefen kunnuwa. Ture-ka-ga-tsiya yana yi wa mai ƙaramin goshi kyau, amma mai faɗin goshi in ta tura shi baya, filasha a goshin za ta sauka.

Bara aka fitar da anko na bikin wata 'yar uwarmu, farin leshi da gwaggwaro ruwan azurfa mai ƙyalli. Ƙanwata baƙa ce mai kumatu. A hoton gwaji, gwaggwaron ya kwashe hasken duka, fuskarta ta koma inuwa, kuma faɗinsa ya ƙara mata kumatu. Anko ba a sauya shi, don haka muka sa siririn yadi ja mai duhu a ƙarƙashi, ya leƙo kamar faɗin yatsa biyu a bakin goshi, ya raba fatar da ƙyallin. Mai ɗauri ta rage fukafukan gefe ta miƙar da ninkin sama. A wurin taron kuma, duk wanda zai ɗauke ta da waya sai mu ce ya taɓa fuskarta a kan allon kafin ya ɗauka, don kyamarar ta auna haske daga fatar. Hotunan sun fito fes.

Abu na ƙarshe, ki duba bayanki. Koren ɗankwali a gaban shuke-shuke ɓacewa yake yi, haka farin mayafi a hoton fasfo mai farin bango. Can ki sa mai duhu, mara zane, ki bar fuskar a buɗe daga goshi zuwa haɓa.