Kurakuran da makarantu ke yi a wasiƙar neman inshorar ziyarar ɗalibai

Yawancin wasiƙun da makarantu ke aika wa kamfanin inshora kafin su fita da ɗalibai ana rubuta su ne kamar takardar neman alfarma: gaisuwa mai tsawo, tarihin makaranta, amfanin ziyara ga tarbiyyar yara, sai layi biyu a ƙarshe da ke cewa "muna roƙon ku ba ɗalibanmu kariya". Kamfani ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke cikin wasiƙar shi ne tushen yarjejeniya. Da shi za su auna haɗarin tafiyar su yanke kuɗi, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ita za su ɗauko su ajiye kusa da rahoton 'yan sanda da na asibiti su ga ko maganar ta zo ɗaya. Duk inda suka saɓa, nan biyan diyya zai tsaya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. Makarantar sakandare ce a cikin garin Katsina za ta kai 'yan aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare Daura, su ga rijiyar Kusugu da fadar Sarki, su dawo a yinin. Tafiya ce ta kusan kilomita 80 ta hanyar Mashi.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne rubuta "ɗalibai kimanin 50". Inshorar haɗari ta rukuni ana ƙirga ta ne a kan kowane mutum, don haka "kimanin" ba ta da gurbi. A rubuta 52, maza 28, mata 24, masu shekara 12 zuwa 15, sannan a haɗa jerin sunayensu da ranar haihuwa da aji a takarda daban wadda shugaban makaranta ya sa wa hannu da hatimi. Matsalar da ke biyo baya kowa ya santa. Ana gobe tafiya wani uba zai kawo kuɗin ɗansa a makare, wata yarinya kuma zazzaɓi ya kwantar da ita, sai malamin da ke riƙe da rajista ya ce ai adadin bai canja ba, wannan ta fita wancan ya shiga. Adadin bai canja ba, amma yaron da ya shiga ba ya cikin jerin da kamfani ke riƙe da shi. In shi ne ya karye, babu wanda zai biya. Gyaran mai sauƙi ne: a cikin wasiƙar a tambayi kamfani zuwa wane lokaci za a iya sauya suna, a rufe rajista kafin lokacin, kuma duk canjin da aka yi a tura shi a rubuce, a jira amsarsu a rubuce. Kiran waya ba shaida ba ne.

Malamai ma ana mantawa da su. Ana lissafa su a matsayin masu kula da yara, amma ba a sa su cikin waɗanda inshorar za ta rufe, alhali mota ɗaya za su shiga.

Kuskure na biyu yana wajen kulawa. Jimlar da aka saba gani ita ce "malamanmu za su raka su". Malamai nawa, su wa? Mai auna haɗari yana son ya san yara nawa ke hannun kowane babba. A misalinmu sai a ce malamai 5, maza 3 da mata 2, da ma'aikaciyar jinya 1, wato manya 6 ga yara 52, kowane babba yana da yara 8 ko 9 da aka rubuta masa da suna. A ambaci wanda ke jagorantar tafiyar da lambar wayarsa, a faɗi cewa kowace mota tana da malama mace tunda akwai 'yan mata a ciki, a kuma faɗi lokutan ƙirga yara: kafin tashi, bayan kowace tsayawa, da kafin a baro Daura. Kada a ƙirga direba cikin masu kulawa don adadi ya yi kyau a takarda. Idonsa yana kan titi. Kada kuma a rubuta abin da ba za a iya cikawa ba. In aka ce akwai ma'aikaciyar jinya, ranar tafiya ta faɗo ranar aikinta a asibiti aka tafi babu ita, an saɓa wa abin da aka shaida wa kamfani. Gara a rubuta gaskiya tun farko, cewa malami ɗaya ne mai horon agajin gaggawa zai riƙe akwatin magani.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi cewa akwai yara masu sikila ko asma ko farfaɗiya, in akwai su. Wasu shugabannin makaranta suna ɓoye wannan don tsoron kada kuɗi ya ƙaru. Ina ganin ba daidai ba ne, domin inshora an gina ta ne a kan faɗin gaskiya gaba ɗaya, kuma ɓoye abin da ke da tasiri yana iya ba kamfani hujjar ƙin biya. Ba sai an baza sirrin yaro ba, ya isa a ce ɗalibai 2 na da sikila, iyayensu sun amince a rubuce, maganinsu yana hannun wance. Sai dai a sani cewa inshorar haɗari galibi rauni take biya, ciwon da yaro ya zo da shi daga gida ba ya ciki.

Sufuri shi ne inda wasiƙu suka fi rauni, kuma shi ne inda haɗarin gaske yake. "Za mu yi hayar motoci biyu" ba bayani ba ne. A faɗi irin motar, lambarta, mai ita, da yawan kujerunta, sannan a zauna a yi lissafi. A ce kosta biyu ce, kowacce tana da kujerun fasinja 29 ban da na direba, jimilla 58. Yara 52 da manya 6 sun cika 58 cif, babu ko kujera ɗaya ta rara. To ranar tafiya sai ga wakilin ƙungiyar iyaye da malamai, ga mai ɗaukar hoto, ga yaron mota, ga kulolin abinci da katan-katan na ruwa. Mutum 61 ke nan a wurin mutum 58, sai a ce ƙananan su matsa su zauna uku-uku. Wannan lodin da ya wuce ƙa'ida, in rahoton hukumar kiyaye haɗurra ya nuna shi, yana iya ɓata inshorar motar da ta yaran gaba ɗaya. Wanda ya yi lissafin tun a takarda zai ga cewa ko dai a ƙara ƙaramar bas, ko a rage mutane.

Akwai kuma ruɗanin da ke sa wasu su ce mota tana da inshora, me za a ƙara? Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota ta ɓangare na uku ce, tana biya ne in an tabbatar da alhakin direba ko mai mota ga wani. Yaron da ya zame a matakala a wurin ziyara ya karya hannu ba ruwanta da shi. Duk da haka kamfani zai so ya ga takardarta, don haka a haɗa kwafinta da na lasisin direba da na shaidar lafiyar mota. Kafin a haɗa, a duba lambar motar a askniid.org, domin takardun inshorar bogi suna da yawa a tashoshi, kuma sau tari mai motar kansa bai san tasa ta bogi ba ce. In mai mota ya turo wata daban da safe saboda waccan ta lalace, a sanar da kamfani sabuwar lambar kafin a tashi.

Hanya da lokaci ma a rubuta su filla-filla: tashi daga harabar makaranta ƙarfe 7:30 na safe, isa Daura kafin 10:00, sallar azahar da abinci a can, barin Daura ƙarfe 3:00, isowa kafin magariba. A nemi inshorar ta fara daga lokacin da yara suka shiga mota a makaranta har zuwa lokacin da aka miƙa su ga iyayensu, tare da 'yar rara ta awanni saboda faci ko lalacewar mota. Wani abu da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne sauya hanya a tsakiyar tafiya. An gama da wuri, wani malami ya ce tunda an fito a biya ta Mani yara su ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi. In ana son haka, a sa shi a wasiƙa tun farko. Daura kuma ba ta da nisa da iyakar Nijar, kuma inshorar da aka yanka don cikin Najeriya tana ƙarewa a kan iyaka.

Kuskure na gaba shi ne rashin faɗin abin da ake nema. "Kariya" kalma ce mai faɗi. A bayyana cewa ana son inshorar haɗari ta rukuni mai biyan kuɗin magani, nakasa ta dindindin, da rasuwa, a sa adadi ga kowanne. Misali naira 200,000 na magani da naira miliyan 1 na nakasa ga kowane mutum, ko abin da makaranta da iyaye suka ga za su iya. Sannan a roƙi kamfani ya aiko da jerin abubuwan da ba ya biya. A jiharmu wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin yawancin irin wannan inshora tana cire ta'addanci da tarzoma, kuma ba ta biyan kuɗin fansa. Dole shugaban makaranta ya san wannan kafin ya tsaya gaban iyaye ya ce musu "an yi wa yara inshora". Inda iyaye ke da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisin hukumar kula da inshora ta ƙasa, kuma bayanan da za a ba su waɗannan dai ne.

Na ƙarshe shi ne ɗaukar cewa aika wasiƙa ya wadatar. A dokar Najeriya sai an biya kuɗin inshora kafin kariya ta fara aiki. Makarantar da ta kai wasiƙa ranar Alhamis, tafiya Asabar, ta ce za ta biya in iyaye sun gama kawo kuɗi, ta fita da yara babu komai a kansu. A aika da wasiƙar aƙalla mako biyu kafin tafiya, a karɓi farashi, a biya ta asusun kamfani da sunan makaranta, a karɓi rasit da takardar shaidar inshora. Sai a karanta takardar layi-layi, a tabbatar kwanan wata daidai ne, adadin mutane 58 ne, kuma sunan makaranta ba a yi kuskure a ciki ba. A tambayi kwana nawa aka ba makaranta ta kai rahoto in haɗari ya auku da lambar da za a kira, a ba jagoran tafiya kwafi ɗaya tare da jerin sunaye da takardun yardar iyaye, ɗaya kuma ya zauna a ofis a hannun wanda zai kasance kusa da waya har motocin su dawo.